Ƙarin Albashi Zai Sa Haraji Ya Cinye Ni? Ga Lissafin

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina aikin kula da sito a wani kamfani a Kano. Albashina naira 250,000 a wata, ana cire mini 20,000 na fansho da 24,500 na haraji. Yanzu an yi mini tayin shugabancin sashenmu a kan naira 300,000, amma zan riƙa fita aiki har ranar Asabar. Wani babban yayanmu a wurin aiki ya ce in yi hattara, wai da zarar na haura miliyan uku a shekara na bar sahun masu biyan kashi 15 na shiga na masu kashi 18, harajina zai koma 54,000 a wata, fiye da rabin ƙarin ke nan ya tafi. Ya ce shi ma da aka ƙara masa ya gani da idonsa a takardar albashinsa. Ina da mata da 'ya'ya uku, gidan haya muke. Mako guda aka ba ni in ba da amsa. In karɓa ko in haƙura?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya sanya albarka a wannan buɗi. Kada ka mayar da tayin nan saboda haraji. Harajinka zai koma naira 32,180 a wata, ba 54,000 ba, kuma daga cikin dubu hamsin ɗin da za a ƙara maka, naira 38,320 za su shigo hannunka kowane wata. Ba na so ka ɗauki maganata don kawai na faɗa, yadda ka ɗauki ta yayanka. Ɗauko biro da takarda mu bi lissafin tare, domin gobe in wani ya zo maka da irin wannan zance ka iya warware shi da kanka.

Ina ganin na san inda tunanin yayanka ya samo asali, kuma ba rashin hankali ba ne. Mu mun tashi da lissafin zakka a kanmu. A zakkar kuɗi, idan dukiya ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo, ɗaya bisa arba'in na dukiyar gaba ɗaya ake fitarwa, ba na abin da ya ɗoru a kan nisabin kaɗai ba. Wanda ya saba da wannan, in aka ce masa ya tsallaka wata iyaka ta haraji, abin da zai fara zuwa ransa shi ne sabon kason ya hau kan kuɗinsa duka. Harajin albashi ba haka aka gina shi ba. Shi yanka kuɗin shekararka yake yi gida-gida, kowane gida da nasa kason, kuma kason gidan sama ba ya saukowa ya taɓa kuɗin da ke gidan ƙasa.

Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. A cikinta, naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu ko kobo. Naira miliyan biyu da dubu ɗari biyu da ke biye, wato daga 800,000 har zuwa miliyan uku, su ake cire wa kashi 15 cikin ɗari. Daga miliyan uku zuwa miliyan goma sha biyu kashi 18 ne. Akwai wasu gidaje uku a sama, na kashi 21 da 23 da 25, amma na ƙarshen sai abin da ya haura miliyan hamsin a shekara yake kamawa, don haka ba su shafe ka ba tukuna. Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan: manajan daraktan kamfaninku, ko nawa yake ɗauka, shi ma 800,000 ɗinsa na farko babu haraji a kansu, kuma miliyan biyu da dubu ɗari biyun da ke biye kashi 15 yake biya a kansu, daidai da kai. Babu wani mutum da yake "ɗan kashi 18" ko "ɗan kashi 25" kacokan. Wani yanki ne na kuɗinsa yake faɗawa can.

Akwai kuma abu na biyu da yayanka ya tsallake. Ba a kan albashi ɗanye ake ɗora wannan lissafi ba. Sai an fara cire abubuwan da doka ta yafe wa haraji, irin su kuɗin fanshon da ake yanka maka, sannan a auna abin da ya rage.

Mu gwada da albashinka na yau, ka ga ko zai fitar da abin da ke takardarka. Naira 250,000 sau goma sha biyu, miliyan uku cif. Fanshonka 20,000 a wata, wato 240,000 a shekara. In ka cire, saura 2,760,000. Ajiye 800,000 na farko gefe, ba a taɓa su. Abin da ya rage 1,960,000 ne, kuma dukkansa yana cikin gidan kashi 15. Kashi 15 ɗinsa 294,000. Raba shi goma sha biyu, za ka samu 24,500. Ka ga shi ne daidai abin da ake cire maka a layin harajin albashi, wanda aka rubuta PAYE. Wannan ya nuna akantan kamfaninku da sabon jadawalin yake aiki, kuma ya nuna hanyar da muke bi daidai ce. Da a ce kason gida yana hawa kan kuɗi duka ne, da yanzu 37,500 ake cire maka, wato kashi 15 na dubu ɗari biyu da hamsin. Takardar albashin da ke aljihunka ta riga ta ƙaryata wannan lissafi tun kafin a yi maka ƙarin.

To yanzu sabon albashin. Naira 300,000 sau goma sha biyu, 3,600,000. Fansho kashi 8 ake cire maka, don haka zai koma 24,000 a wata, 288,000 a shekara. Abin da haraji zai kalla shi ne 3,312,000. Dubu ɗari takwas na farko suna nan yadda suke, babu komai a kansu. Gidan kashi 15 a da bai cika ba, yanzu ya cika maƙil da miliyan biyu da dubu ɗari biyunsa, harajinsa 330,000. Abin da ya yi saura ya haura gidan kashi 18 naira 312,000 ne kacal, kuma kashi 18 ɗinsu 56,160. Haɗa biyun, 386,160 a shekara. A wata, 32,180.

Saboda haka ga yadda dubu hamsin ɗin za su rabu. Dubu huɗu za su tafi asusun fanshonka, kuma wannan kuɗinka ne aka ajiye maka, ba gwamnati aka ba ba. Naira 7,680 za su tafi haraji. Sauran 38,320 naka ne. Abin da kake komawa gida da shi zai tashi daga 205,500 zuwa 243,820, in babu wani abin da ake cirewa bayan waɗannan biyun. Ban ma sa wani abu a lissafin ba: dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani ya zuba aƙalla kashi 10 daga aljihunsa a asusunka, don haka nasu kason shi ma zai ƙaru da kimanin dubu biyar a wata.

Dubi dodon da aka tsorata ka da shi da kyau. Tsallakawa daga kashi 15 zuwa 18 ƙarin kashi uku ne, kuma a kan 312,000 ɗin nan kaɗai. Kashi uku na 312,000 naira 9,360 ne a shekara, wato naira 780 a wata. Iyakar abin da shiga sabon gidan ya jawo maka ke nan. Sauran ƙarin harajin, ko da ba ka tsallaka kowace iyaka ba sai ka biya shi, tunda samunka ya ƙaru. In kuma ka auna harajin gaba ɗaya da albashin gaba ɗaya, yau kana biyan ƙasa kaɗan da naira goma a kowace ɗari, gobe za ka biya ƙasa kaɗan da goma sha ɗaya. Sha takwas ɗin da ake faɗa, na nairorin da ke can ƙololuwa ne.

Wannan tsari ya sa jadawalin kansa ba zai taɓa mayar da ƙarin albashi ya zama ragi ba. Ɗauki mutumin da abin da ake yi wa haraji a kuɗinsa ya tsaya a miliyan uku daidai, a bakin iyaka. Harajinsa 330,000. A ƙara masa naira dubu ɗaya. Dubu ɗayan nan ce kaɗai ta shiga gidan kashi 18, za a cire mata 180, ya riƙe 820. Ko wanda ya kai gidan ƙarshe, cikin kowace naira ɗari da aka ƙara masa yana riƙe saba'in da biyar. Tsohon jadawalin da aka yi amfani da shi tun 2011, mai farawa daga kashi 7 ya tsaya a kashi 24, shi ma haka yake, gida-gida. Ba a taɓa yin lokacin da maganar yayanka ta zama gaskiya ba a ƙarƙashinsa. Abin yana damuna ƙwarai, domin wannan kuskure ba a takarda yake tsayawa ba. Mutane suna ƙin ƙarin girma, suna ƙin aikin ƙarin lokaci, suna zaune a mataki ɗaya shekara da shekaru saboda lissafin da babu shi.

Sai dai ba zan ce yayanka ƙarya yake yi ba da ya ce ya gani da idonsa. Mai yiwuwa ya ga wani abu, fassarar ce ta kuɓuce masa. Kai ma za ka iya ganin irinsa, gara ka san shi tun yanzu.

Abin da ya fi jawo wannan ruɗani shi ne ariyas. A ce ƙarin naka ya fara aiki a takarda, amma ba a fara biya ba sai bayan wata uku, sannan aka haɗa maka bashin a wata na huɗu. A wannan watan za ka ga albashi 450,000: sabon albashinka da dubu hamsin-hamsin na wata uku. Harajin watan zai zama 32,180 na watan kansa, da 7,680 sau uku na watannin da suka wuce, jimla 55,220. Ka lura da yadda wannan adadi ya yi kusa da 54,000 ɗin da aka faɗa maka. Duk wanda ya buɗe takardarsa ya ga haka, da tsoron da ke ransa tun farko, zai ce ai ga shi nan an faɗa. Alhali harajin ƙarin wata huɗu ne ya taru a wuri ɗaya, wata mai zuwa zai sauko inda ya dace. Wani lokaci ma adadin yakan ɗan fi haka, idan na'urar lissafin albashi ta ɗauki wannan wata mai kauri ta ninka shi sau goma sha biyu kamar haka mutum yake samu duk shekara. Haka takan faru da kuɗin garaɓasa na ƙarshen shekara. Haraji na shekara ne, abin da ake cirewa wata-wata biya ne a kan hanya, don haka in an cire fiye da ƙima kana da haƙƙin neman a daidaita.

Na biyu, ba duk abin da ake yanka a albashi ne haraji ba. Fansho yana tashi tare da albashi. Haka kuɗin asusun gidaje na ƙasa ga wanda ake cire masa, da kuɗin ƙungiyar ƙwadago, da zubin ƙungiyar taimakon kai da kai in kaso ne na albashi. In mutum yana da bashi a ofis, wani lokaci da ƙarin ya zo sai a ɗaga abin da ake cirewa. Mutum ya kalli alat ɗin banki kawai, ya ga ƙarin bai kai yadda ya ƙiyasta ba, ya ce haraji ne ya cinye. Alat ba ya faɗa maka komai sai jimla. Takardar albashi ce take nuna layi-layi.

Na uku shi ne wanda nake so ka fi mayar da hankali a kai cikin makon nan, domin shi ne zai iya rage maka kuɗi da gaske. A wurare da dama, ƙaramin ma'aikaci yana da kuɗin ƙarin lokaci, amma da ya zama shugaban sashe sai a ce albashinsa ya haɗa komai. In kana samun wani abu na ƙarin lokaci ko alawus na aikin dare a bayan 250,000 ɗin nan, tambayi ko zai ci gaba. In kuma sabon muƙamin ya zo da motar ofis ko gidan kamfani, ka sani doka tana ƙiyasta musu ƙima ta haɗa da samunka, harajin ya ɗan ƙaru. Waɗannan su ne hanyoyin da ƙarin girma yake iya zuwa da ƙaramar riba, kuma babu ɗayansu da ya shafi tsallaka iyakar miliyan uku.

Ga gwaji mai sauƙi da za ka yi in takardar sabon albashi ta fito, a watan da babu ariyas a ciki. Ɗora ta kusa da tsohuwar. Duba nawa layin PAYE ya ƙaru. Sannan duba nawa albashi ya ƙaru bayan an cire fansho, wanda a wurinka 46,000 ne. Tunda wani yanki na ƙarin yana gidan kashi 15, wani yana gidan 18, ƙarin harajin dole ya faɗa tsakanin kashi 15 da kashi 18 na dubu arba'in da shidan nan, wato tsakanin 6,900 da 8,280. Namu lissafin ya ba da 7,680, yana ciki. In ka ga ya haura 8,280, akwai abin da ba daidai ba, ko kuma an shigar da wani abu cikin samunka da ba ka sani ba. Je wurin akanta cikin girmamawa ka roƙe shi ya nuna maka lissafin gida-gida. Akantoci ma mutane ne, ga shi jadawalin sabo ne, kuskure yana yiwuwa. In ba ku daidaita ba, harajin albashin ma'aikacin kamfani jihar da yake zaune ake kai wa, don haka hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Kano ce wurin da za ka kai tambayarka.

Akwai wani kuɗi da nake ganin kana bari a ƙasa tun yanzu. Ka ce gidan haya kuke, amma 24,500 ɗin da ake cire maka ya fito daidai ba tare da an sa rangwamen haya ba. Sabuwar dokar ta soke tsohon rangwamen bai-ɗaya da ake yi wa kowa, ta kawo na haya a madadinsa: kashi 20 na hayar da kake biya a shekara ana cire shi daga kuɗin da za a yi wa haraji, amma rangwamen ba ya wuce naira 500,000. Ba ya zuwa da kansa, sai ka bayyana hayar da kake biya. A ce hayarka 600,000 ce a shekara. Kashi 20 ɗinta 120,000. Ba wai za a ba ka 120,000 a hannu ba, kada a ruɗe ka da wannan ma. Za a zare su ne daga saman kuɗinka, 3,312,000 ya koma 3,192,000. Tunda daga gidan kashi 18 aka zare su, harajinka zai ragu da 21,600 a shekara, wato 1,800 a wata. Wannan kaɗai ya ninka naira 780 ɗin da tsallaka iyakar ya jawo maka fiye da sau biyu. Nemi rasit daga mai gidanku ko wakilinsa, da takardar yarjejeniyar haya in akwai, ka kai ofishin albashi ka tambayi yadda ake shigar da shi. Mu nan da yawa haya da baki ake biyanta, a miƙa kuɗi a yi godiya a rabu, to yanzu rasit ya zama abin nema.

Abin da ya rage maka ka auna shi ne Asabar ɗinka, kuma wannan ba ni zan yanke maka ba. Asabar huɗu ko biyar a wata, a kan naira dubu talatin da takwas da 'yan kai, ka cire kuɗin mota da na abincin waɗannan ranaku. Ka sa hidimar gida da zumunci a ma'auni, tunda yawancin ɗaurin aure da ziyara a ƙarshen mako suke. Ka zauna da maiɗakinka ku duba tare, domin ita da yara ne za su rasa ka a ranar. A ɗaya ɓangaren kuma ka tuna duk ƙarin da za a yi nan gaba a kan sabon albashin za a ɗora shi, kuma za ka daɗe a gidan kashi 18, tunda bai ƙare ba sai abin da ake yi wa haraji ya kai miliyan goma sha biyu a shekara. A ganina tayin ya cancanci karɓa, muddin ba za a janye maka wani alawus mai kauri ba.

Kafin makon ya cika, roƙi ofishin ma'aikata su ba ka rabe-raben sabon albashin a rubuce: ainihin albashi, kuɗin gida, kuɗin sufuri, abin da za a daina biya, da ranar da ƙarin zai fara aiki. Shi kuwa yayanka, kada ka kunyata shi a gaban jama'a, nufinsa alheri ne. Ku keɓe, ka roƙe shi ya kawo takardar watan da ya ce an yanke shi da ta watan da ya biyo baya, ku duba layin PAYE a kowacce.